Ribar Buhun Shinkafa Tana Cikin Mudu Uku Na Ƙarshe

A unguwannin da yawancin ma'aikatan gwamnatin tarayya ke zaune, irin su Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba, da wuya a bi layi guda ba a tarar da gidan da ake awon shinkafa a cikinsa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya riƙa cinye kaso mai tsoka na albashi, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024 bai cike giɓin ba. Saboda haka magidanta da dama suka koma ga tsohuwar dabara: a karɓi kwasar adashi ko rancen ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, a saro wa uwargida 'yan buhuna, ta riƙa aunarwa ga maƙwabta, ribar ta rufa asirin cefane.

Akwai ma dalilin da ya sa sana'ar ke zama a hannun iyali. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Amma ko da ba shi ke riƙe da mudun ba, daga albashinsa ake cire rancen a ƙarshen kowane wata. Idan lissafi ya karkace, shi ne na farko da zai ji a jikinsa.

Abin da ke karya irin wannan jari sau da yawa ba rashin ciniki ba ne. Shinkafa ba ta kwantai. Abin da ke karya shi lissafi ne guda ɗaya da ake yi a tsaye a bakin rumfar dillali: a raba kuɗin buhu da adadin mudun da aka ce yana ciki, a ɗora wani abu a kai, a ce an sami farashi. Lambobi biyun da aka yi rabon da su duka ba daidai ba ne, kuma misali guda ya isa ya nuna yadda hakan ke faruwa.

Yadda aka faɗi ana tsammanin riba

A ɗauki misalin matar wani direba da ke aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, mazauna Kubwa. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, domin farashin shinkafa yana sauyawa daga mako zuwa mako. Mai karatu ya cire su ya sa na ranar da ya yi sayayya, hanyar lissafin ba za ta canza ba.

Maigidan ya karɓo rance, ita kuma ta je kasuwar Suleja ta saro buhu biyar masu kilo 50, kowanne a kan naira 70,000. Dillali ya gaya mata buhu yana ba da mudu 32. Ta raba 70,000 gida 32, ta ga kowane mudu ya faɗo mata a kan kusan naira 2,190. Don ta jawo masu saye sai ta tsayar da farashinta a naira 2,400, ƙasa da na shagunan unguwa. A zatonta mudu 32 zai kawo naira 76,800, wato ribar naira 6,800 a kowane buhu, naira 34,000 a buhu biyar.

Ciniki ya yi kyau ƙwarai, kamar yadda yake yi wa duk mai araha. Cikin 'yan makonni buhunan suka ƙare. Da ta tattara kuɗin, abin da ke hannunta naira 348,000 ne, bai ma kai naira 350,000 da ta miƙa wa dillali ba, balle a yi zancen kuɗin mota. Babu wanda ya yi mata sata, babu kuma wanda ya gudu da bashi. Tun ranar da ta yanke farashi aka yi asarar, sai dai ba ta bayyana ba sai da aka karkaɗe buhu na ƙarshe.

Kuɗin buhu ba shi ne abin da aka biya dillali ba

Kuskure na farko yana cikin lambar da aka raba. Buhun da ke rumfar dillali a Suleja da buhun da ke jingine a ɗakin mai awo a Kubwa ba kuɗinsu ɗaya ba. Tsakaninsu akwai hanya, kuma duk abin da aka kashe a hanyar nan ya shiga uwar kuɗi.

A misalin nan, motar da ta ɗauko kayan ta karɓi naira 6,000. Ita kanta ta biya naira 2,000 kuɗin zuwa kasuwa da 'yan zirga-zirgar cikinta. 'Yan dako sun karɓi naira 300 a kowane buhu wajen lodi, wasu kuma suka karɓi 300 wajen saukewa, wato naira 3,000 a buhu biyar. Cajin cire kuɗi da turawa ya ci naira 1,000. Ledar da za a ƙulla wa masu saye ta buhu biyar ta tashi a naira 3,000. Jimlar waɗannan ƙananan kashe-kashe naira 15,000 ce, wato naira 3,000 a kan kowane buhu. Ashe ainihin kuɗin buhu naira 73,000 ne, ba 70,000 ba.

Dalilin da ya sa ake mantawa da su a fili yake. Kuɗin sari yakan fita a dunƙule daga asusun jari, su kuwa waɗannan sukan fita ɗari uku-uku da dubu-dubu daga jakar hannu, a gauraye da kuɗin cefane. Maganin abin shi ne a rubuta su a ranar, kafin a kwance bakin buhu. Wanda yake biyan hayar shago ko harajin kasuwa shi ma ya raba kuɗin wata da adadin buhunan da yake sayarwa a wata, ya ƙara a kai. Haka nan idan rancen yana da wani ƙari da ake biya, wannan ƙarin ma kuɗin shinkafa ne.

Mudu nawa ne a buhu?

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, kuma yana cikin lambar da aka yi rabon da ita. Ana sayen shinkafa da nauyi, a sayar da ita da cikar mazubi. Kilo abu ne tsayayye, mudu kuwa ba haka ba. Mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kuma kwanon awo ko tiyar da aka saba da ita a Kano ta fi mudun Abuja girma sosai. Duk wanda ya ce buhu mudu kaza ne, da mudunsa yake magana, da kuma irin cikar da hannunsa ke yi. Ita ma shinkafar tana da nata tasirin: mai yawan karyayyun ƙwayoyi takan fi cushewa a mazubi, don haka kilo guda nata bai kai na doguwar tsaba cika ido ba.

Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya, wato a auna. Da matar direban nan ta sake sari, sai ta fara da ɗora buhu a sikeli. An rubuta kilo 50 a jikinsa, amma allura ta tsaya a 48 da rabi. Irin wannan giɓi yakan samo asali daga wurare da dama: buhun da aka sake ɗurawa aka ɗinke, ko hudar da aka yi masa don ɗibar samfuri, ko kuma sabuwar shinkafar da aka ɗura da sauran laima ta ƙarasa bushewa a hanya. Alamar buhun da aka taɓa ita ce ɗinki biyu a baki, ko zaren da ya bambanta da na sauran buhuna, ko kafaɗar buhu da ta saki.

Daga nan ta shimfiɗa tabarma mai tsabta, ta juye buhun, ta aune shi kaf da mudunta, da irin cikar da take yi wa masu saye, har tsororuwa. Ta ɗora mudu guda a sikeli, ya ba ta kilo 1.6 bayan an cire nauyin mazubin. Da buhun ya cika kilo 50 ma, mudu 31 da ɗan ɗoriya zai bayar, ba 32 ba. Da yake 48 da rabi ne, sai ta sami mudu 30 cif, ragowar rabin kilon kuwa gari ne da ƙaiƙayi da 'yar tsakuwar gindin buhu, waɗanda ba mai saye da zai karɓa.

Saura abu guda, wato gyara. Al'ada ce idan an gama awo a ƙara wa mai saye ɗan cikin hannu, musamman maƙwabci. Cikin hannu guda bai wuce giram hamsin ko kusa da haka ba, kuma ba ya kama da komai a lokacin da ake zuba shi. Amma giram hamsin sau talatin kilo ɗaya da rabi ne, kusan mudu guda ke nan. Saboda haka buhun da aka ce mata mudu 32 ne, abin da ake karɓar kuɗinsa a ciki mudu 29 ne kawai.

Yanzu asirin asarar farko ya tonu. Mudu 29 a kan naira 2,400 ya kama naira 69,600, alhali buhun ya ci naira 73,000. Faɗuwar naira 3,400 ke nan a kowane buhu, naira 17,000 a buhu biyar, a wurin da aka sa ran ribar 34,000.

Daga uwar kuɗi zuwa farashi

Idan an gyara lambobin biyu, sauran aikin mai sauƙi ne. A raba cikakken kuɗin buhu da adadin mudun da ake sayarwa da gaske: 73,000 a raba gida 29 ya ba da kusan naira 2,520. Wannan ita ce uwar kuɗin mudu guda, kuma ita ce ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinta. Duk mudun da ya fita a ƙasa da haka, daga jari aka yanka aka bai wa mai saye.

A kan wannan ake ɗora riba, kuma ya fi kyau a ɗora ta a kan buhu kafin a raba. Idan tana son ribar kashi 10 cikin ɗari na abin da ta kashe, wato naira 7,300, to buhu ya kamata ya kawo naira 80,300. A raba gida 29, mudu ya tashi a kusan naira 2,770. Da yake ba a ciniki da irin wannan lamba saboda wahalar canji, sai a kai shi 2,800. A wannan farashi buhu zai kawo naira 81,200, riba kuma ta zama naira 8,200. Idan aka sauko zuwa 2,700, buhu zai kawo 78,300, riba ta koma 5,300. Abin lura a nan shi ne kowace naira ɗari da aka rage a mudu, naira 2,900 ce ta fita daga ribar buhu. Ragin da mai saye ke ganin bai taka kara ya karya ba ya fi sulusin abin da mai awo za ta samu.

Akwai wani lissafi da ya fi kowanne buɗe ido. A farashin 2,800, mudu nawa za a sayar kafin uwar kuɗi ta dawo? Mudu 26 ya kama naira 72,800, saura naira ɗari biyu a cike 73,000. Ma'ana, mudu 26 na farko duk biyan dillali da direba da ɗan dako suke yi. Ribar buhu gaba ɗaya tana cikin mudu uku na ƙarshe.

Wanda ya riƙe wannan a ransa zai kalli abubuwa biyu da wani ido dabam. Na farko bashi. A unguwannin ma'aikata yawancin ciniki na “sai an yi albashi” ne, kuma ba a iya guje masa ɗungurungum. Amma mutum ɗaya da ya karɓi mudu uku bai biya ba ya tafi da ribar buhu sukutum. Na biyu ɗibar girkin gida. Mudu ɗaya a mako daga buhun sayarwa, cikin mako uku ya yi daidai da wancan mai cin bashin. Ba laifi ba ne iyali su ci daga abin da suke sayarwa, amma a rubuta shi kamar na kowane mai saye, a mayar da kuɗinsa daga kuɗin cefane, ko da a kan uwar kuɗi ne.

Tarkon gwangwani

Da yawa daga masu saye ba sa iya sayen mudu, sai gwangwanin madara ɗaya ko biyu. A nan ma akwai rami. An saba cewa mudu gwangwani kaza ne, sai a raba farashin mudu da wannan adadi. A misalin nan, idan an shafe bakin gwangwani mudunta yana ba da goma, don haka 2,800 a raba gida goma ya kama naira 280. Sai dai babu mai saye da zai yarda a shafe masa baki. Kowane gwangwani da tasa tsororuwar, kuma da ta gwada da irin cikar da ake yi a zahiri, tara ta samu a mudu.

Uwar kuɗin mudu 2,520 ce. A raba ta gida tara, kowane gwangwani ya tsaya mata a naira 280. Wato farashin da ta yi niyyar sayarwa shi ne daidai abin da ta saya, ga ƙarin leda tara a maimakon ɗaya. A naira 300 mudu zai kawo 2,700, riba kaɗan. Uku a naira 1,000 zai kawo 3,000 a mudu, ya kuma rage rigimar canji. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin awo ke fin babba tsada a kowace kasuwa. Ba zalunci ba ne, tsororuwa da leda ake biya.

Idan kasuwa ta ƙi farashin

Lissafi yana faɗin abin da ya kamata a sayar, amma kasuwa ce ke faɗin abin da za a iya sayarwa. Idan duk shagunan layin suna ba da irin wannan shinkafa a 2,700, mai 2,800 za ta zauna da kayanta. A irin wannan hali sai a juya lissafin ta baya, kuma tun kafin a je sari. Mudu 29 a 2,700 zai kawo naira 78,300. A cire kuɗin hanya da leda 3,000, a cire ribar da ake so, a ce 7,000. Abin da ya rage, naira 68,300, shi ne iyakar abin da za a iya biya wa buhu. Wanda ya shiga rumfar dillali da wannan lamba a kansa ya san inda zai tsaya a tayi, ya kuma san lokacin da ya kamata ya juya ya tafi.

Idan buhu ya ƙi saukowa, akwai hanyoyi na halal da za a bi. Ana iya haɗa sari da wasu don kuɗin mota ya rabu a kan buhuna da yawa. Ana iya sharɗanta wa dillali cewa sai an ɗora kowane buhu a sikeli, domin kilo ɗaya da rabin da ya ɓace kusan mudu guda ne. Ana kuma iya daina gyara a fito fili a faɗa wa masu saye: buhu zai koma mudu 30, uwar kuɗi ta sauko zuwa kusan 2,430, a farashin 2,700 kuma riba ta kai naira 8,000.

Hanyar da ba a bi ita ce ta taɓa mudun kansa, ko a bubbuge gindinsa ya shige ciki, ko a saya da babba a sayar da ƙarami da sunan duk mudu ne. Sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, da masu tauye awo ta buɗe, kuma a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya akwai sashen da ke kula da ma'auni. Ko ba don wannan ba, matan unguwa suna sake aunawa idan sun koma gida, kuma labarin ƙaramin mudu ba ya kwana bai zaga layi ba.

Farashin jiya da buhun gobe

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an sake cika rumbu da adadin buhunan da aka sayar. Idan tana tsakiyar sayarwa buhu ya tashi daga 70,000 zuwa 75,000, sabuwar uwar kuɗi ta zama 78,000, wato kusan naira 2,690 a mudu. Buhun da ta sayar 81,200 zai bar mata naira 3,200 ne kacal bayan ta maye gurbinsa, ba 8,200 ba. Don haka idan farashi na hawa, da kuɗin buhun gobe ake yanke farashin yau, kuma kiran dillali sau ɗaya a mako ya isa a san inda aka kwana.

Idan farashi na sauka kuwa, kamar yadda yakan faru da kaka lokacin da sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa, abin yakan juye. Waɗanda suka saro a sabon farashi za su karya nasu, mai tsohon kaya kuma dole ta bi su ko da ribarta ta ƙare. Wannan ya sa mai ƙaramin jari, musamman na rance, bai kamata ya tara buhunan da za su wuce 'yan makonni ba a gab da girbi.

Duk wannan ba ya bukatar fiye da littafi ɗan naira ɗari biyu. A ware shafi guda ga kowane buhu: a sama a rubuta cikakken kuɗinsa da nauyinsa da adadin mudun da aka auna, a ƙasa kuma a ja layi ɗaya duk lokacin da mudu ya fita, tare da alamar ko kuɗi hannu ne, ko bashi, ko na tukunyar gida. Ranar da aka karkaɗe buhu a ƙirga layukan. Idan sun kai 29 kuma kuɗin ya cika, lissafi ya tsaya. Idan 27 aka samu, to hannu ya yi nauyi a wajen gyara, ko ɓera ya sami hanya, ko wani yana ɗiba ba ya rubutawa, kuma gara a gano hakan a buhu na farko da a gano shi a na biyar, lokacin da ake cire rancen daga albashi babu abin da ya dawo.